Inna ta zarce kwanakin biza da mako 3: yaya za mu sake nema?

Assalamu alaikum Malam. Ina gaisuwa da fatan alheri gare ka da masu sauraron wannan fili. Daga Tawa nake rubuto maka a kan maganar mahaifiyarmu, wadda ta hana mu sukuni ni da ƙanwata da ke aure a Faransa.

A 2025 Inna ta samu bizar Shengen, wato ta shiga ƙasashen Turai da suka haɗa iyaka, ta gajeren zama don ta je wankan jegon ƙanwar tawa. A jikin bizar akwai lissafi biyu. Na farko lokacin da bizar ke aiki, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Mayu. Na biyu adadin kwanakin da aka yarda ta zauna, kwana 30 kacal. Inna ba ta karatun boko, ita dai an ce mata bizarta ta wata 3 ce. Ta shiga ranar 3 ga Maris, kuma da yake ranar shiga ma ana ƙirga ta, ya kamata ta fito ranar 1 ga Afrilu. Ba ta fito ba sai 23 ga Afrilu. Kwana 52 ke nan, ta zarce da 22.

Akwai dalili. Ranar 28 ga Maris hawan jini ya kayar da ita, ta kwana 5 a asibiti, likita ya rubuta cewa kada ta hau jirgi sai bayan mako 2 da sallama. Takardun suna nan cikin jakar leda a ƙasan akwatinta. Sai dai iyakarsu tsakiyar Afrilu. Makon ƙarshe babu wata takarda da ta rufe shi, jiran tikiti mai sauƙi kawai aka yi. Kuma ba a je ofishin gwamnan yankin an nemi ƙarin kwana ba, alhali doka ta yarda a tsawaita biza kyauta saboda larura irin ta ciwo, muddin an nema tun kwanakin ba su ƙare ba.

A filin jirgi ɗan sandan iyaka ya juya fasfon, ya ƙirga, ya yi mata tambayoyi da faransanci, ya buga hatimin fita. Ta ce ba a ba ta wata takarda ba, ba ta kuma sa hannu a kan komai ba. Wannan ne ya fi damuna. Idan an rubuta mata haramcin shiga, sunanta zai hau rumbun SIS, wanda duk ƙasashen Shengen ke dubawa, ko wace ƙofa aka bi amsa ɗaya ce. Idan ba a rubuta ba, abin da ya rage shi ne hatimin shiga da na fita da ke cikin fasfonta, waɗanda za su iya sa mai duba takardu ya yi shakkar ko za ta dawo a kan lokaci. Na san mutum na da haƙƙin ya tambaya ko sunansa na cikin rumbun. Malam, wa ake rubuta wa daga nan Nijar, kuma sai an jira amsa kafin a nema?

Wani mai haɗa wa mutane takardu ya ce mu ce fasfon ya ɓata, mu yi sabo. Raina bai kwanta da wannan ba ko kaɗan. Hoton yatsunta da bayanin tsohuwar bizar suna zama shekara 5 a VIS, rumbun bayanan masu neman biza, kuma in aka gano ɓoyo, an tashi daga tsohuwar da ciwo ya tsare an koma mai ƙarya. Balle yanzu da tsarin EES ya fara aiki tun 12 ga Oktoban 2025, na'ura ke rubuta shiga da fita, duk wanda ya zarce ko da kwana ɗaya zai fito fili.

Abin da na shirya shi ne wasiƙar bayani gajeriya mai ranaku dalla-dalla, da takardun asibiti, da tsohon tikiti da wanda aka canza, da shaidar gidanta da fanshon marigayi Baba da take karɓa a nan. Zan kuma roƙa mata kwana 21 kawai. To makon nan da ba shi da hujja fa? Ni a ganina a faɗe shi yadda yake cikin layi biyu, ƙanwata kuwa ta ce a tsaya ga maganar ciwo. Wanne ya fi?

Sannan mu nema bana, ko mu bari a ɗan jima? Kuɗin biza yuro 90 ne, kusan jikka 59, kuma ba a mayarwa in an hana. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024, ga kuɗin mota da masauki a wata ƙasa da tsohuwa mai hawan jini. In an hana ta, hanin ma zai shiga rumbu ya bi ta zuwa nema na gaba, ƙorafi kuma kwana 30 kawai ake bayarwa a kai shi. Ƙanwata na da ciki wata 4, don haka nan da wata 2 muke son yanke shawara.

Allah ya saka da alheri.

Mai sauraronka daga Tawa