Wasiƙa zuwa ga ɗana kan takalmi da tufafin damina

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mahaifiyarka ta ce ruwan farko ya kama ka a hanyar ofis, takalminka na fata ya jiƙe sharkaf, ka shanya shi a rana. Kada ka sake. Fata idan ta sha ruwa man jikinta yakan fita, zafi kuma ya ƙarasa ta, ta yi tauri ta tsage daidai inda yatsu ke lanƙwasawa. Ka goge taɓon da tsumma mai laima, ka zare igiyar, ka cusa tsohuwar jarida a ciki, ka ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Idan takardar ta jiƙe ka sauya wata. Yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu, sai ya bushe sarai za ka shafa masa mai.

Shi ya sa ƙafa ɗaya ba ta fitar da mutum damina. Ka nemi sau-ciki na roba don hanya, na fatar ya zauna a ofis. Wajen saye ka kifa shi ka duba ƙasan: zanen ya yi zurfi, robar ta lotsa idan ka danna da babban yatsa. Mai sulɓin ƙasa zai kayar da kai a kan jiƙaƙƙen tayil. Sai dai roba ba ta fitar da gumi, don haka ka riƙa ɗaukar busasshiyar safa a jaka, ka kuma tsane tsakanin yatsunka da kyau, in ba haka ba cin ruwa zai kama ka. Silifas kam bar shi a gida, duk taku sai ya watsa maka laka a bayan wando.

Tufafi kuwa, wanda ke saurin bushewa za ka bi. Auduga zalla tana riƙe ruwa, jins ya fi kowa, sai ya kwana biyu a igiya ƙugunsa da ɗanshi. Yadi mara nauyi mai gaurayen auduga da foliyesta, wanke da dare sa da safe. Fari ka san halinsa, amma baƙi ma ba ya rufa asiri, domin taɓo in ya bushe fari-fari yake fitowa a kansa. Ruwan ƙasa da ruwan toka sun fi. Ka ce wa tela ya ɗage ƙafar wandon kamar yatsa biyu.

Idan laka ta fantsama, kada ka murza ta ɗanya, cusa ta za ka yi cikin zare. Bari ta bushe, ka kakkaɓe da buroshi, ka jiƙa a ruwan sanyi da sabulu. Kuma kafin ka ninke riga ka taɓa wuya da hammata. In da sauran sanyi-sanyi, mayar da ita igiya, don baƙin ɗigon fumfuna da wuya yake fita.

Mahaifiyarka tana gaishe ka.

Mahaifinka