An raɗa wa ɗana suna ɗaya, an yanka rago da wani

Assalamu alaikum Anti. Daga wani ƙauye nake rubuto miki a ƙasar Gumel, don Allah a sakaya sunana. Yau kwanana goma sha ɗaya da haihuwa, ina wankan jego, amma kunun kanwar ma ba ya wuce min.

Ranar Alhamis na haihu, namiji, maigidana yana kasuwar Maigatari, da yake awaki yake kaiwa. Da ya dawo bayan magariba ya ɗauki yaron ya yi masa huɗuba, ya raɗa masa Usman, sunan mahaifina. A gabana aka yi, ungozoma ma tana nan. Kuma ba ranar aka fara maganar ba. Tun cikin yana wata huɗu ya yi min alkawari, saboda Baba ya rasu bara da kaka, kuma mu bakwai duk mata ya bari, har yau ba a yi masa takwara ba. Ɗana na fari sunan mahaifin maigidana aka sa masa, Abba muke ce masa, ban ce uffan ba. Ta biyu sunan Inna ta ci, wato uwar mijina, shi ya sa ake kiranta Ummi. Anti, sau biyu ke nan na bar musu.

To ashe Inna tana da nata shirin. Tana da ɗa, Salihu, wan maigidana, wanda hatsarin mota ya kashe a hanyar Kano a 2019, bai bar baya ba. Allah ya jiƙansa, ban taɓa ƙinsa ba, ko sau uku ban gan shi ba. Tun da aka wanke jaririn ta leƙa fuskarsa ta fashe da kuka, wai goshin Sale ne, wai Sale ne ya dawo mata. Ni wannan kalmar ce ta tsaya min a rai. Wanda ya mutu ai ba ya dawowa, kuma bawan Allahn nan ko talatin bai kai ba, sai nake jin tsoro, duk da na san ajali ba ya bin suna.

Na manta ban faɗa miki ba, ragon sunan Inna ce ta bayar, cikin tumakinta, saboda geron bana bai yi mana kyau ba. Da na sani da na sayar da akuyata.

Ranar suna da sassafe maza suka taru a ƙofar gida, aka raba goro da dabino. Muna ciki muna sauraro sai muka ji maroƙi yana shelar Salihu. Baffan maigidana ne ya je kunnen liman ya ba shi sunan, aka yanka ragon a kai, shi kuwa uban yaron yana zaune ya sunkuyar da kai. Yayata ta ajiye turmin atamfar da ta kawo ta yi magana, ƙannen mijina suka taso mata, har ɗaya ta ce wanda ya ba da rago shi ke da suna. Ni ma na faɗi magana, ban musa ba. Na ce jikan nan ba ita ta yi naƙudarsa ba. Zafi ne ya sa, jini ma bai tsaya min ba a lokacin. 'Yan'uwana suka tafi ko tuwon suna ba su ci ba.

Da dare na tambaye shi, ya ce, "Ki yi haƙuri, Inna ta ce in ban sa ba ba ta yafe min nononta ba." Wai in Allah ya kawo wani sai a sa na Baba. Wa ya ba shi tabbacin wani?

Malamarmu ta Islamiyya da ta zo barka ta ce sa suna haƙƙin uba ne, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a daren da aka haifi ɗansa Ibrahim ya sa masa suna. Su kuma tsofaffin gidan sun dage sunan yanka shi ne suna. A katin rigakafi Usman na sa aka rubuta, ba su sani ba tukuna. Inna tana ce masa Babangida, ni a ɗaki ina ce masa Walid. Ita ce ke dafa min ruwan wanka safe da yamma, ba ta fasa ba, amma gaisuwata ba ta amsawa.

Anti, wanne ne sunan yaron nan a wurin Allah, na huɗuba ko na yanka? Kuma mahaifiyata ta aiko in taho gida in ƙarasa arba'in a can. In na tafi za a ce yaji na yi. In ba Inna haƙuri kan maganar da na faɗa tukuna, ko shi ya kamata ya fara zuwa ya ba mahaifiyata haƙuri?