Yaron da na fi dogara da shi ya daina zuwa fili

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya tare da iyali da abokan aikinka na gidan rediyo. Ina rubuto maka daga Garwa, cikin daren Talata, kwana uku bayan abin da ya faru, kuma har yanzu barci bai zama nawa ba. Ni malamin motsa jiki ne a wata makaranta, da yamma kuma ina horar da yaran unguwa 'yan ƙasa da shekara 15 ƙwallon ƙafa, shekara ta bakwai ke nan, ba tare da wani ya taɓa biyana ko dala ɗaya ba. Na faɗi wannan ne domin ka san ba kuɗi nake nema a jikin 'ya'yan mutane ba, kamar yadda wani ya tsaya a bainar jama'a yana faɗa ranar Asabar.

Yaron zan kira shi Auta, ko da yake ba sunansa ba ne. Shekararsa 13, ɗan gaba ne, kuma a atisaye idan na ba shi bugun fenariti goma, takwas ko tara suna shiga raga. Ranar Asabar, a wasan kusa da na ƙarshe na gasar unguwanni, ya yi amai a bayan bango kafin a fara, ya buga minti 60 kamar wanda aka ɗaure wa dutse a ƙafa, sannan da aka zo bugun raba gardama ya ɗaga ƙwallo ta bi ta saman ƙarfe. Mahaifinsa ya shigo cikin fili ya ja shi da hannu, ya ce ni na mayar masa da ɗa matsoraci da wasan numfashina na banza, kuma ya rantse ba zai sake taka filin ba.

Sai na koma baya kaɗan domin ka fahimci maganar numfashin. A hutun bara na halarci wata bita ta kwana uku da aka shirya wa masu horar da yara, inda aka koya mana yadda tunanin ɗan wasa yake shafar ƙafarsa. An nuna mana cewa fargaba iri biyu ce. Akwai ta jiki, wato bugun zuciya da gumin tafin hannu da murɗawar ciki da yawan zagawa fitsari, wadda take hauhawa yayin da lokacin wasa yake matsowa, kuma yawanci takan sauka da zarar an busa usur yaro ya fara gudu. Akwai kuma ta tunani, wato saƙe-saƙen "idan na zubar fa, me za a ce a gida", wadda ba ta sauka da gudu, hasali ma kowane kuskure ƙara mata wuta yake yi. An ce kada mu nemi kashe fargaba gaba ɗaya, domin yaron da jikinsa ya mutu murus ba ya wasa mai kyau, haka ma wanda ta yi wa yawa, kuma kowane yaro da ma'auninsa. Wannan na gani da idona, domin mai tsaron bayanmu idan na sa shi dogon numfashi kafin wasa sai ya shiga fili yana hamma, shi sai an tafa masa an kira sunansa da ƙarfi sannan yake farkawa.

Abin da na koya wa Auta shi ne ya shaƙi iska ta hanci yana ƙirga huɗu, har cikinsa ya taso ba kafaɗarsa ba, sannan ya sake ta ta baki a hankali yana ƙirga shida, ya maimaita sau biyar ko shida. Tsawaita fitar da iskar shi ne yake sa bugun zuciya ya lafa. Ban ɗauki maganar da ka ba, na gwada: nakan sa yatsa a wuyan hannunsa in ƙirga na daƙiƙa 15 in ninka sau huɗu. A zaune a ranar da babu wasa yakan kai wajen 76, ranar Asabar kafin a fara ɗumama jiki na samu 116, bayan numfashin ya sauko 100. Saboda haka duk wanda ya ce abin banza ne, bai san abin da yake faɗa ba. Sai dai gaskiya ɗaya ce, mako guda kacal kafin wasan na fara koya masa, alhali an gargaɗe mu a bitar cewa sai yaro ya saba da shi makonni a ranakun da hankalinsa yake kwance, in ba haka ba ranar wasa zai zama wani sabon aikin da yake tsoron kada ya kuskure. To amma ina lokacin yake, ga jarrabawar makaranta, ga zafin Afrilu na Garwa da ya haura digiri 40, wanda ba ya barin mu fita fili sai bayan la'asar sakaliya?

Mahaifin nan nasa, Malam, mutum ne da bai taɓa zuwa atisaye ko sau ɗaya ba, bai taɓa sayen ko robar ruwa ba, amma tun ranar da wani ya gaya masa cewa masu neman yara wa ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport sukan leƙa irin waɗannan gasanni, ya ɗora wa yaron nan dukan talaucin gidansu a ka. A daren Juma'a, kamar yadda Auta ya gaya wa abokinsa, ya zaunar da shi ya ce idan bai ci ƙwallo biyu ba kada ya dawo masa gida da takalmin da aka ci bashi aka saya. A lokacin wasa kuma yana bakin layi yana ta ihun umarni, ni in ce yaro ya buɗe gefe, shi ya ce ya shiga tsakiya, har yaron ya riƙa waiwayen mahaifinsa kafin ya taɓa ƙwallo. Yaron da yake waiwaye bayan kowane kuskure, hankalinsa ba ya kan ƙwallo, yana kan fuskar da yake tsoro.

Wannan ya kawo ni maganar buri, wadda ita ce ta fi ci mini rai. An koya mana buri hawa uku ne. Na farko burin sakamako, kamar cin kofi, wanda ba a hannun yaro kaɗai yake ba, domin akwai abokan hamayya da alƙalin wasa da sa'a. Na biyu burin da yaro yake auna kansa da kansa, kamar ya tashi daga bugu uku masu nufar raga a wasa zuwa biyar. Na uku burin aikin da zai yi a wannan daƙiƙar, kamar ya dubi bayansa kafin ƙwallo ta iso, ko ya kafa ƙafar dogaro daidai gefen ƙwallo. An ce ranar wasa na ukun kawai ake ba yaro mai fargaba, guda ɗaya ko biyu, domin shi ne abin da yake da iko a kai. Na yi hakan, na rubuta wa Auta a ƙaramar takarda cewa ya duba kafin ya karɓa, kuma idan ya rasa ƙwallo ya bi ta na daƙiƙa biyar. Amma a farkon gasar, kafin duk wannan, ni ne na rubuta da gawayi a bangon da muke canja kaya cewa Auta zai ci ƙwallo 10, kuma ban goge ba har ranar Asabar, lokacin yana da shida. Na yi ne don in ƙarfafa masa gwiwa, kuma duk yaran sun yi murna a lokacin, ba kamar barazanar mahaifinsa ba ce ko kusa. A gindin wannan bangon ya yi aman.

Game da fenaritin kuwa, mun tsara masa matakai da zai riƙa bi kullum: ya ajiye ƙwallo da hannunsa, ya ja baya taku huɗu, ya zaɓi kusurwa kada ya canja, ya sauke numfashi guda mai tsawo bayan an busa, sannan ya dubi ƙwallo ya buga. Ranar Asabar usur bai gama fita ba ya ruga, bai yi numfashin ba, jikinsa ya kwanta baya, ƙwallo ta tashi. Gaggawar nan alama ce ta mai son abin ya wuce kawai. A atisaye kuwa kullum cikin raha muke bugawa, ban taɓa sa shi ya tako daga tsakiyar fili shi kaɗai bayan ya gaji, yara suna masa ihu, ba. Akwai kuma kalmar da na faɗa masa yana tafiya, wadda mataimakina ya ce ya ji. Na ce, "Auta, kada ka ɗaga ta sama." Na san an hana mu irin wannan, domin ambaton abin da ba a so yana dasa hotonsa a zuciyar yaro, kamata ya yi in ce ƙasa, gefen hagu. Bakina ne ya riga ni, kuma wa zai iya tsare harshensa alhali mutum yana bayansa yana zaginsa tun minti na farko?

Na so in je in tuna wa yaron cewa manya ma suna zubarwa. A gasar cin kofin Afirka da aka yi a ƙasarmu Kamaru a farkon 2022, wadda muka kalli wasu wasanninta a nan filin Rumde Ajiya, 'yan wasanmu uku ne suka kasa cin fenariti a gaban Masar a wasan kusa da na ƙarshe, kuma a wasan ƙarshe Sadio Mane ya ɓarar da fenariti a farkon wasa, sannan ya dawo ya ci wanda ya ba Senegal kofin. Amma ba ni da hanyar ganinsa. Na manta ban gaya maka ba, mahaifin nasa yayan matata ne, ciki ɗaya, kuma tun Asabar ita ma gaisuwa kawai ke haɗa mu, tana cewa in je in ba Yaya haƙuri. Haƙurin me zan bayar, alhali ni aka ci wa mutunci a gaban yaran da suke kirana Malam?

Da na zauna rubutu, niyyata in tambaye ka yadda zan shawo kan mutumin nan ya gane cewa shi ne ya karya yaron. Yanzu kuma abin da yake damuna shi ne saƙon da abokin Auta ya kawo mini jiya, cewa ya ce ko an bar shi ba ya son ya sake buga fenariti, kuma ya tambaya ko rubutun bangon yana nan. Idan Allah ya sa ya dawo, in cire shi daga masu bugun har sai ya nema da kansa, ko in sa shi ya buga tun ranar farko, daga kusa, babu mai kallo, kada tsoron ya yi saiwa? Aman nan kuma, da na ɗauka na fargaba ne kawai, wannan ne karo na uku, kuma an ce yanzu har ranar jarrabawa yana yi, shin ya wuce abin da mai horarwa zai iya, sai an kai shi asibiti? In kuwa haka ne, da wane baki zan gaya wa mahaifinsa, tunda ko sallamata ba ya amsawa? Rubutun dai na aika an goge shi da safiyar yau, ban sani ba ko in aika a gaya wa yaron, ko in bari ya gani da idonsa.

Wassalam. Naka mai saurare kullum,
wani mai horar da yara, daga Garwa.