Sanarwar aiki na nutsewa a zauren WhatsApp ɗinmu, in na taƙaita kuma a ce ban da ladabi

Assalamu alaikum Hajiya. Ina yi miki fatan alheri, da ke da abokan aikinki na wannan fili. Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri bisa yadda kike sauraron matsalolin mutane ba tare da gajiyawa ba.

Ni malama ce a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a Zariya, kuma shekara biyu ke nan da aka ɗora mini kula da harkar jarrabawa. Mu 34 ne a zauren WhatsApp na ma'aikata, daga shugaban makaranta har mai kula da ɗakin karatu. Da yawansu sun girme ni, ɗaya daga cikinsu ma shi ya koya mini lissafi ina aji biyu. Duk sanarwar da ta shafi jadawali, tsaron jarrabawa da miƙa sakamako ta hannuna take fita. Abin da ya sa na rubuto miki shi ne na rasa yadda zan yi magana a zauren nan har ta isa kunnen wanda ake so, ba tare da na ɓata wa kowa rai ba.

Bari in ba ki labarin abin da ya faru a jarrabawar zango na biyu. Ranar wata Laraba da misalin ƙarfe 9:40 na dare shugaba ya kira ni, ya ce takardun Turanci na aji uku ba su fito daga wurin bugawa ba saboda rashin wuta, don haka a musanya: lissafi da aka sa ƙarfe 11 na safiyar Alhamis ya dawo ƙarfe 8. Na zauna na rubuta saƙo yadda aka tarbiyyantar da ni. Na yi sallama, na gaishe da iyayena da yayyena, na yi musu sannu da ƙoƙari, na ba da haƙurin damun su da dare, na bayyana matsalar wuta da ta mai bugawa, sannan a sakin layi na huɗu na faɗi sabon lokaci da sunayen malamai uku masu tsaro. Na tura ƙarfe 10:15. Ban lura ba a lokacin, ashe saƙon ya yi tsawon da WhatsApp ya datse shi, ya sa `Read more` a ƙasa, kuma ainihin maganar tana cikin ɓangaren da ya ɓoye.

Minti biyar bayan haka wani abokin aikinmu ya sanar cewa matarsa ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace. Kin san abin da ya biyo baya, kuma daidai ne a yi shi: barka, Allah ya raya, Allah ya ba mai jego lafiya, amin, amin. Ni ma na yi tawa barkar. Kafin gari ya waye, in aka haɗa da hotunan barka da asuba, saƙonni fiye da 60 sun hau kan nawa. Da safe malami ɗaya ne cikin ukun ya zo da wuri. Yara suka zauna a zauren jarrabawa kusan minti 50 muna neman wanda zai tsaya musu, sauran biyun kuma suka iso wajen goma da rabi da zuciya ɗaya, suna ganin ma sun yi sammako.

Shugaba ya yi mini faɗa a gaban mutane, na ce ai na tura. Da na koma gida na danne saƙon na buɗe `Info`, sai na ga abin da ya sanyaya mini jiki. Mutum 29 aka nuna sun karanta. Ɗaya daga cikin waɗanda suka makara yana cikinsu, ƙarfe 11:03 na dare. Da na tambaye shi cikin girmamawa, ya rantse bai ga wani canji ba, ya ga gaisuwata dai ya wuce zuwa wurin barka. Na kuma yarda da shi, domin alamar karantawa ba ta nuna komai sai cewa saƙon ya gifta ta fuskar wayar mutum. Na biyun kuwa saƙon bai ma shiga wayarsa ba sai bayan ƙarfe tara na safe, saboda unguwarsu kwana biyu babu wuta, wayar tana wurin mai caji. Ashe kuskure biyu na yi a dare ɗaya: na binne maganar a ƙasan gaisuwa, kuma na dogara da zaure a kan abin da ya rage saura awa goma, alhali mutum uku kacal ya shafa, da kiran su na yi da an wuce wurin.

Daga nan na ce to, na daina dogon zance. Mako na gaba na rubuta layi ɗaya: "Kowa ya kawo sakamakon ajinsa ranar Litinin kafin ƙarfe 12." Saƙon ya isa, kusan kowa ya kawo a kan lokaci. Amma ranar Talata wata babbar malama ta ja ni gefe ta ce Malam, wato wanda ya koyar da ni, ransa ya ɓaci. Ya ce yarinyar da ya riƙe wa alli yau ita ke ba shi umarni babu sallama babu gaisuwa, kamar tana aiken yaran gidansu. Hajiya, wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai. Da baki na faɗa, da murmushi da ɗan rusunawa, babu wanda zai ji zafi. A rubuce kuwa babu murya babu fuska, sai kalmar "kowa ya kawo" tsirara. Na je har gida na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, amma har yau ina jin nauyinsa.

Yanzu ga tsarin da nake bi. Ina fara da sallama a taƙaice, sai maganar ta biyo a layin farko, in sa ta tsakanin taurari biyu don ta fito da kauri, kamar haka:

```
Assalamu alaikum iyayena da abokan aiki.
*Miƙa sakamako: Litinin, kafin ƙarfe 12, ofishin jarrabawa.*
Ya shafi malaman aji 1 zuwa 3. Don Allah a taimaka. Na gode.
```

Dalili, in akwai buƙatarsa, yana zuwa daga baya. Magana ɗaya nake sawa a saƙo ɗaya, domin na lura in na haɗa uku, ta farko kawai ake amsawa. Sai in kafe shi a saman zaure da `Pin`, wanda ke ba da zaɓin awa 24, kwana 7 ko kwana 30, kuma saƙo uku kawai yake ɗauka a lokaci guda. Wanda abin ya shafa kai tsaye ina kiran sunansa da alamar @, tunda na gano da yawa sun sa zauren a `Mute` saboda yawan ƙara, kuma ambaton suna ne ke ratsa wannan shirun. Na roƙi a daina rubuta "an gani" ɗaya bayan ɗaya, a danna alamar babban yatsa a jikin saƙon, saboda "an gani" guda ashirin su ma binne sanarwar suke yi.

Lokaci ma na yi ta gwadawa. Da safe malamai suna aji, ba a son su riƙe waya. Safiyar Juma'a kuwa hotunan gaisuwar Juma'a ke cika ko'ina. Abin da ya fi karɓuwa shi ne bayan tashi, tsakanin ƙarfe biyu da rabi zuwa La'asar, sai kuma bayan Isha'i kaɗan. Da an wuce tara na dare na daina turawa, musamman da wata abokiyar aikinmu ta gaya mini maigidanta ba ya jin daɗin ganin saƙon wurin aiki yana shigowa tsakar dare.

Duk wannan ya rage matsalar, amma abu biyu sun fi ƙarfina.

Na farko, addu'o'i da gaisuwa. Na taɓa rufe zauren na kwana ɗaya a makon jarrabawa, na mayar da shi masu kula kaɗai ke iya turawa. Kafin azahar maganganu sun iso ni, wai na mayar da mutane yara. Abin da ya fi damuna, wata malama da ɗanta ya kwana da zazzaɓi ta so sanar da cewa ba za ta samu zuwa ba, ta tarar ƙofa a rufe. Na buɗe a ranar. Na kawo shawarar a yi zaure na biyu don zumunci, aka yi, amma bayan mako biyu sai ga ta'aziyya da barka a duka biyun, don kowa yana tsoron a ce bai yi ba. Ni kuma ba zan iya buɗe baki in ce wa Musulmi ya daina cewa amin ba, kuma ba na so. Zumuncin nan shi ya tara mana kuɗin asibiti lokacin da ɗayanmu ya yi haɗari.

Na biyu ya fi nauyi, domin shugaba ne da kansa. Mutumin kirki ne, amma ba ya son rubutu, saƙon murya yake yi, wani ya kai minti shida ko bakwai. Zai fara da godiya ga Allah, ya yi nasiha a kan riƙon amana, ya tuna yadda ake aiki a da, sai can wajen minti na biyar ya ce taron gobe an mayar da shi ƙarfe ɗaya. A ofishin malamai ba ka iya sauraro cikin hayaniya, mai ƙarancin data ba ya saukewa, kuma in bayan kwana uku kana neman abin da aka ce, ba ka da kalmar da za ka bincika da ita kamar yadda ake yi da rubutu. Wasu suna saurare da gudun 2x, su tsallake ainihin wurin. Na fara sauraro har ƙarshe ina rubuta taƙaitawa a layi biyu a ƙarƙashinsa. Malamai sun ji daɗi, har suna yi mini godiya a ɓoye. Amma ran nan ya ce mini, yana ɗan murmushin da bai kai zuci ba, "Ashe dai bayanina ba ya fita sai an yi masa tafinta." Tun ranar hannuna ke rawa in zan rubuta.

To Hajiya, ki ba ni shawara. Ta wace hanya zan tunkari shugaba, in je ni kaɗai ko in bi ta wurin wani babba da yake jin maganarsa, har ya amince taƙaitawar ta zama da izininsa take fita? Wace irin magana zan yi wa abokan aiki a kan barka da ta'aziyya a makon jarrabawa kawai, wadda ba za a ɗauke ta a matsayin hana alheri ba? Sannan wannan 'yar sallama da "don Allah" da nake sawa, a ganinki ta wadatar ga wanda ya haife ni ko ya koyar da ni, ko kuwa irin su Malam sai in riƙa bin su da kira daban? Jarrabawar zango na uku saura mako biyar, ina so in san abin da zan yi kafin jadawali ya fito.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Taki,
wata malama daga Zariya