Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 Ga Membobin Ƙungiyarmu Ta Mata Masu Ƙuli-ƙuli Da Man Gyaɗa

Assalamu alaikum. Hajiya Shugaba, iyayenmu na kwamitin amintattu, 'yan uwa membobi, ga bayanin abin da aka gudanar daga Janairu zuwa Disamba 2024, kamar yadda tsarin ƙungiya ya ɗora wa ofishin sakatariya.

Mun rufe shekara da membobi 42. An yi taron wata-wata in ban da na Agusta, wanda ya faɗo cikin dokar hana fita da aka sa a Kano lokacin zanga-zanga. Kuɗin wata na naira 1,000 ya shigo yadda ya kamata, sai mutum biyar da ake bi bashin wata biyu zuwa uku, kuma Ma'aji ta riga ta same su ɗaya bayan ɗaya. Mun yi rashin membobi biyu, Allah Ya gafarta musu, an kuma kai wa iyalansu gudummawar da aka saba.

Babban aikin shekara dai shi ne maganar injin niƙan gyaɗa, shi ya sa zan daɗe a kansa. Wasu har yanzu suna tambaya me ya sa muka biya haya wata uku alhali daga ƙarshe saye muka yi.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 masu inji suke ƙara kuɗin niƙa, ga layi, ga shi wani lokaci a niƙa mana gyaɗa bayan an gama markaɗen tattasai, tunkuza ta dawo da yaji. Da kwamiti ya fita neman mafita, hanya uku ya samo. Saye kai tsaye, inji mai ƙarfin doki shida da rabi haɗe da kan niƙa da teburinsa, naira 420,000. Haya, a ajiye mana inji muna biyan balas na naira 1,500 kullum, kwana 26 a wata. Sai kuma biya kaɗan-kaɗan, a ba da 120,000 a hannu, sannan 40,000 duk wata har wata goma, inji ya zama namu.

Ta ukun ce ta fi daɗin ji a taro, ita ce kuma muka fara ajiyewa gefe. Jimillarta 520,000, wato ƙarin 100,000 a kan kuɗin hannu. Wasu suka ce ai bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Amma tunda mun ba da 120,000 tun ranar farko, abin da aka jinkirta mana 300,000 ne kawai, shi ma duk wata raguwa yake yi. Idan aka auna ƙarin da abin da ke hannunmu a zahiri, ya haura kashi 60 cikin ɗari a shekara. Abin da ya fi wannan tayar mana da hankali wani sharaɗi ne a takardar dillalin: idan muka yi fashin biya wata biyu a jere, zai ɗauke inji, abin da muka riga muka biya kuma ya zama kuɗin haya. Malamin da muka tuntuɓa ya ce sayarwa a kan bashi da ƙayyadajjen farashi abu ne da mafi yawan malamai suka halatta, amma takardar da ke zama ciniki idan an biya, ta koma haya idan an gaza, a yi nesa da ita. Ya ce ko bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz, idan za su yi hayar da ke ƙarewa da mallaka, yarjejeniyar haya daban take, alkawarin mallakawa daban.

Saura saye da haya. A nan Ma'aji ta tsaya kai da fata cewa ba za a cire 420,000 a Janairu ba, kuma ta yi gaskiya. Jarinmu a lokacin yana cikin buhunan gyaɗar da muka saya a Dawanau da kaka, kuma sayar da su da wuri domin a sayi ƙarfe asara ce, tunda kowa ya san gyaɗa tashi take yi idan aka doshi damina. Bayan haka babu wadda ta san kwano nawa muke niƙawa a rana, kowa ƙiyasi take yi. Sai aka yanke a karɓi haya daga Janairu zuwa Maris, a sa littafi kusa da inji, a rubuta kowane kwano da kowace lita. Hayar ta kama naira 117,000, kafin a cire balas ɗin kwana huɗu da aka yafe mana. A ganina littafin nan ya cancanci kuɗin.

Ga abin da ya nuna a rana mai kyau. Ana niƙa kwano 60 a kan naira 120, kuɗin shiga 7,200. Fetur lita huɗu, a lokacin kimanin 2,800. Yaron da ke kula da inji 1,500. Baƙin mai da wasa faranti, idan aka raba a kwanaki, 400. Abin da ya rage 2,500, a cire balas, a bar mu da 1,000. Wato kowane kwano yana barin kusan naira 67 bayan an cire mai da ƙananan gyara, kuma sai mun niƙa kwano 45 kafin mu biya yaro da mai inji. Duk ranar da ba a kai haka ba, daga aljihunmu ake cikawa. Mu kuwa mun san damina: gyaɗa ta yi tsada, wasu su dakata da aiki, da ƙyar a haɗa kwano 25 zuwa 30. Shi balas bai san damina ba, bai san ranar suna ko ta'aziyya ba.

Wata 'yar uwa ta kawo shawara mai ma'ana, a riƙa haya da kaka a mayar da damina. Mun kai wa mai injin wannan magana, ya ce wata ukun nan alfarma ya yi mana, nan gaba sai dai shekara cur, domin da kaka kowa neman inji yake. Shekara cur kuwa 468,000 ce, ta zarce kuɗin sabon inji, kuma a ƙarshe ba mu da ko ƙusa.

Shi ma injin saye ba kyauta yake aiki ba, wannan ne wasunmu suka so mantawa. Mun ɗauka zai yi mana shekara uku kafin ya buƙaci sauyi, muka raba kuɗinsa a kan kwanakin aiki ya ba da kusan 450 a rana, muka ƙara 250 na babban gyara. Wannan 700 ita ce balas ɗin da muke biyan kanmu. Da ita, kwano 33 ya ishe mu mu tashi babu asara, maimakon 45. Ratar kwano 12 ɗin nan ita ta raba gardama, domin yawancin kwanakinmu na shekara tsakanin lambobin biyu suke faɗawa.

Hayar ta koya mana wani abu da lissafi bai nuna ba. A tsakiyar Fabrairu injin ya fara fitar da shuɗin hayaƙi, yana shan baƙin mai, ƙarfinsa ya ragu har bel na tsayawa idan an matse faranti. Bakanike ya buɗe ya ce ringi ne ya cinye. Mai inji ya ce mu muka ɓata, mu kuma muka ce tsoho ya ba mu, ringi ba ya cinyewa a sati shida. Da baki aka yi yarjejeniya, babu abin nunawa. Inji ya kwana huɗu a kwance, shi kuma yana ƙirga balas. Dattawan unguwa ne suka shiga, aka tsaya a kan ƙa'idar da aka sani a fiƙihu: mai haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci, kuma babban gyara na mai kaya ne. Littafinmu ya nuna ranakun da aka sauya baƙin mai, don haka ya ɗauki kuɗin ringi, ya kuma yafe balas na kwanakin. Daga nan kwamiti ya sa doka: duk hayar da ƙungiya za ta shiga sai an rubuta wa ke da ƙaramin gyara, wa ke da babba, da ko balas yana tsayawa ranar da kaya ya kwanta.

An sayi injin a Sabon Gari bayan ƙaramar Sallah, cikin Afrilu, lokacin da kuɗin gyaɗa ya dawo hannu. Mun tafi da bakanikenmu, aka tayar da shi a gabanmu, rasit kuma da sunan ƙungiya aka rubuta. An sauya baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100. Sabon faranti sai da aka fara niƙa dusa da shi aka zubar, saboda garin ƙarfen da yake saki. Ina roƙon 'yan uwa su riƙa lura: idan tunkuza ta fito da tsaki-tsaki, ko kika tuƙa mai ya ƙi fita yadda kika saba, faranti ne ya dakushe, a faɗa wa yaro da wuri. Matse shi da ƙarfi ba ya gyara komai, sai dai ya ƙona boris ya ƙara shan fetur.

Masu son a sayi mai amfani da lantarki sun ga amsarsu a ƙarshen Oktoba, da wuta ta ɗauke a yawancin jihohin Arewa fiye da mako guda. A kwanakin nan har maƙwabta suka riƙa kawo mana niƙa. Sai dai a watan ne kuma litar fetur ta haura naira dubu, dole muka mayar da kwano 180.

Tanda kuwa akasin haka muka yi, da lissafi iri ɗaya. Matasan cikinmu masu kek da biskit na Sallah sun nemi a saya musu ta iskar gas a kan 300,000. Da aka tambaye su kwana nawa za ta yi aiki, sai ya zama kwana 18 ne a Sallah biyu. Hayarta 3,000 a rana, jimilla 54,000, su masu gashin suka haɗa. Sai an shekara biyar da rabi ana wannan haya kafin a kai kuɗin sayenta, kuma ba mu da ɗakin da za ta zauna wata goma sha ɗaya tana tsatsa. Idan oda ta yawaita har ta kai ana gashi kowane mako, a dawo da maganar. Batun keken ɗinki an ɗage shi, domin masu buƙata ba su kawo lissafin kwanakin aikinsu ba.

Asusun inji ya tara naira 150,500 daga Afrilu zuwa Disamba. An kashe 38,000 a kan boris, bel biyu da faranti ɗaya, saura 112,500 a banki, kuma ba a taɓa shi domin biki ko rance ba. Amma da muka koma kasuwa a Disamba mun tarar irin injinmu ya ƙara kuɗi, don haka 700 a rana ba za ta sayi madadinsa ba nan da 2027. Kwamiti yana neman amincewarku a mayar da ita 1,000 daga Fabrairu, sannan a ƙara wa yaron inji 300 a rana. Za a kaɗa ƙuri'a a kan duka biyun a taron Janairu, bayan sallar La'asar, a gidan Hajiya Shugaba. Littafin inji da rasit-rasit suna wurin Ma'aji ga duk mai son dubawa kafin ranar.

Sakatariya, a madadin Kwamitin Gudanarwa