Sanarwa kan saita mitar pH

Assalamu alaikum ƴan uwa. Sakamakon gwajin pH na ruwan rijiyar burtsatse da ake turowa yana saɓa wa juna, kuma galibi laifin saiti ne.

A fara da ruwan bafa, wato ruwan saiti da aka san lambar pH ɗinsa, na 7.00, sannan na 4.01 idan samfurin mai tsami ne, ko na 10.01 idan mai kanwa ne. A zuba bafa a ƙaramin kofi, kada a mayar da ragowa cikin kwalba. Na 10.01 ya fi saurin lalacewa, domin yana zuƙar iskar kabon, lambarsa ta sauka. Tsakanin bafa da bafa a ɗauraye ilektirod da tataccen ruwa, a tsane digon da tishu ba tare da gogawa ba.

Bayan saiti a duba mV, wato ƙarfin lantarkin da ilektirod ke bayarwa. A 25°C, kowane mataki ɗaya na pH kusan 59.2 mV ne. Misali, bafa 7.00 ya ba da +10, na 4.01 ya ba da +160: tazarar 150 ce maimakon kusan 177, wato kashi 85 cikin ɗari. Wannan ilektirod ya gaji, ana son 95 zuwa sama. A wanke shi, a jiƙa shi kwana guda a ruwan KCl, a sake gwadawa. In bai farfaɗo ba, sai sabo.

Lamba mai yawo ba ta tsayawa kuwa, yawanci ƴar kafar gefen gilashin ce ta toshe. Don Allah a daina ajiye ilektirod cikin tataccen ruwa, yana tsotse gishirin cikinsa.