Yadda za a karanta jerin kayan haɗin abincin gwangwani da aka rubuta da baƙon harshe

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan abincin gwangwani da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje. An sha jan hankalin jama'a su duba ranar da wa'adin abincin zai ƙare, kuma hakan daidai ne, sai dai ba kasafai ake bayanin yadda mutum zai karanta jerin kayan haɗin ba idan an rubuta shi da harshen da bai iya ba. A ganina ba sai mutum ya ji harshen ba kafin ya fahimci mafi yawan abin da jerin ke faɗa, domin tsari ɗaya ake bi wajen rubuta shi kusan ko'ina.

Ƙa'idar farko ita ce ana jera kayan ne bisa nauyinsu a lokacin da ake haɗa abincin, mafi yawa a farko, mafi ƙanƙanta a ƙarshe. Haka dokar Tarayyar Turai mai lamba 1169 ta shekarar 2011 ta tanada, kuma ƙasashe da dama suna da irin wannan ƙa'ida. Dokar ta kuma wajabta cewa duk abin da aka ambata a sunan abincin, ko aka fito da hotonsa don jan hankalin mai saye, to a rubuta kason da yake da shi cikin ɗari.

Bari mu ɗauki misalin ƙaramin gwangwani mai giram 200 na niƙaƙƙen naman shafawa a burodi irin na Faransa, wanda aka zana agwagwa a jikinsa. A bayansa, da ƙananan baƙaƙe, za a iya samun jeri kamar haka: viande de porc, gras de porc, foie de canard 20 %, eau, œufs, sel, conservateur : E250. Ma'anarsu a jere ita ce naman alade, kitsen alade, hantar agwagwa, ruwa, ƙwai, gishiri, sai sinadarin hana lalacewa. Wanda bai san ko kalma ɗaya ta Faransanci ba zai iya lura da cewa adadin da ke da alamar kaso yana kan abu na uku ne, wato agwagwar da ke hoton ba ita ce kan gaba ba. Kashi 20 cikin ɗari na giram 200 giram 40 ne. Tunda kuwa abubuwa biyun da suka gabace ta kowannensu bai gaza ta nauyi ba, to a haɗe sun kai aƙalla giram 80, ninki biyu na agwagwar ke nan, kuma yana yiwuwa su zarce haka nesa. Da wannan ɗan lissafi mai saye ya san cewa kalmomin farko su ne ya fi kamata ya nema a ƙamus, kuma da ya nema zai gane cewa alade ne ya fi yawa a gwangwanin. Masana'antar ba ta yi ƙarya ba a idon doka, tunda ta rubuta komai. Hoton ne kawai ya faɗi rabin magana.

Haddace kalma ɗaya tak ba ya wadatarwa. Alade shi ne porc a Faransanci, Schwein a Jamusanci, cerdo a Sifaniyanci, maiale ko suino a Italiyanci, amma akwai kayan da daga jikinsa suke alhali sunansa bai fito a cikinsu ba. Narkakken kitsensa shi ne saindoux a Faransanci, strutto a Italiyanci, kuma wanda ya bi jerin da ido yana neman sunan dabbar kaɗai zai wuce su bai sani ba.

Abin da ke cikin baka biyu bayani ne na abin da ya gabace shi. Idan an rubuta sunan miya, sannan aka buɗe baka aka jera tumatir, man girki, giya da gishiri, to waɗannan kayan miyar ne, kuma tsarin nauyi yana sake farawa a cikin bakar. A irin wannan wuri ne ƙananan abubuwa suka fi ɓuya, kamar farar giyar inabi da Faransawa ke kira vin blanc, wadda akan sa wa kifin gwangwani.

Wani abu da ke ruɗin mutane shi ne kalmomin da aka rubuta da baƙi mai kauri. A misalinmu ƙwai ne za a kaurara, domin dokar Turai ta ware abubuwa 14 da jikin wasu mutane ba ya karɓa, irin su ƙwai, madara, alkama, gyaɗa, kifi da waken suya, ta ce a bambanta su da sauran rubutun. Wannan gata ne babba ga mai irin wannan lalura. Amma alade ba ya cikin goma sha huɗun nan, haka ma barasa, saboda haka wanda yake guje musu don addini ko wani dalili ba zai ga an kaurara masa su ba, dole ya karanta jerin har ƙarshensa.

Lambobin da ke farawa da harafin E kuwa ba sa canzawa daga harshe zuwa harshe. Galibi 'yan gidan 100 launi ne, 'yan 200 masu hana lalacewa, 'yan 400 masu kaurara miya ko haɗa mai da ruwa. Iyakarsu ita ce suna faɗin sinadarin, ba sa faɗin tushensa. E471, alal misali, ana samar da shi daga man tsirrai, ana kuma samar da shi daga kitsen dabba, kuma lambar ɗaya ce a duka biyun. Haka jelatin, wanda ake cirowa daga fata da ƙashin dabba, sau da yawa ba a ambaton dabbar. A nan jerin ya kai iyakarsa, sai dai a nemi hatimin wata hukumar tantancewa a jikin gwangwanin, ko a tambayi masana'antar, ko a haƙura da shi.

Saura batun 'yar takardar fassara da masu shigo da kaya ke mannawa. Ni ban cika sakin jiki da ita ba sai na gwada ta da rubutun asali, kuma gwajin ba ya buƙatar sanin harshe: a ƙirga kayan da waƙafi ya raba a jerin asali, a ƙirga na fassarar, a kuma duba ko adadin kaso da lambobin E sun zo daidai. Idan asali bakwai ne fassara kuma biyar, to an zubar da biyu a hanya. Sai dai a kula, Faransawa da Jamusawa suna sa waƙafi a inda wasu ke sa ɗigo cikin lamba, don haka 1,5 % ɗaya da rabi ne, ba abu biyu ba. In kuma jerin da Larabci yake, abu na farko yana hannun dama.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne jaridarka ta riƙa ware ɗan gurbi lokaci zuwa lokaci, ta buga hoton bayan gwangwani guda tare da fassarar kayan haɗinsa ɗaya bayan ɗaya. Ina kuma kira ga hukumomin da ke kula da shigo da abinci su hana manna takardar fassara a kan jerin asali, domin idan ta rufe shi babu sauran abin da mai saye zai gwada ta da shi.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka